Sharuɗɗan KKT: Idan Iyaka Ta Tsaya a Hanya

William Karush ya rubuta waɗannan sharuɗɗa a Jami'ar Chicago a 1939, amma ba su shahara ba sai da Harold Kuhn da Albert Tucker suka wallafa nasu a 1951. Aikinsu shi ne gano amsa mafi kyau idan akwai iyakar da ba a tsallakewa.

Ga misali. Muna so mu rage f iyakar raguwa, muddin x da y a haɗe ba su wuce 3 ba:

```
f = (x−3)² + (y−2)²
x + y ≤ 3
```

Da babu iyaka, da x = 3, y = 2 ne amsa, to amma jimillarsu 5 ce. Sai a shigo da wata lamba, λ, wadda ke auna ƙarfin da iyakar ke tura mu baya. Sharaɗin farko, gangaren f da turin iyaka su soke juna:

```
2(x−3) + λ = 0
2(y−2) + λ = 0
```

Sauran sharuɗɗan: kada amsa ta keta iyaka, kada λ ta gaza sifili, kuma ko dai λ sifili ce, ko amsa tana kan iyakar daidai.

Sifili ta mayar da mu jimilla 5, don haka ta faɗi. Saura x + y = 3, wanda ya ba da λ = 2, x = 2, y = 1, f = 2.

Abin da ya fi burge ni shi ne alamar λ. Da iyakar 6 ce, muka tilasta amsa ta zauna a kanta, da λ = −1 za ta fito. Wannan gargaɗi ne cewa iyakar ba ta takura kowa ba, amsar gaskiya tana ciki.