Alat na Bogi: Abin da Hoton Rasit Ba Ya Iya Ɓoyewa

Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, ciniki a kasuwanni irin su Kantin Kwari ya koma kan tiransifa. Mai saye ya miƙo waya ya ce "ga shi ya tafi", mai kaya ya leƙa, ya ga kore, ya sallame shi. Ta wannan kafa 'yan damfara ke shiga, suna ɗauko tsohon rasit su sauya adadin kuɗi da kwanan wata.

Inda aka taɓa yakan nuna. A buɗa hoton da yatsu biyu a dubi adadin. Lambar da aka liƙa takan fi 'yan'uwanta kauri, ko ta ɗan sauka daga layi, ko a ga dishi-dishi a gefenta alhali sauran rubutun fes yake. A kuma karanta sunanka da lambobi goma na asusunka ɗaya bayan ɗaya.

Amma a ganina babban mashaidi shi ne layin da aka rubuta wa Session ID, wanda mutane ba su cika kallo ba. Kuɗin da ya tashi daga wani banki zuwa wani a Nijeriya yana ɗauke da wannan lamba mai alƙaluma 30. Shida na farko na bankin da ya tura ne. Sha biyun da ke biye su ne shekara, wata, rana, awa, minti da daƙiƙa. Misali, wani ya sayi atamfa ta naira 85,000, rasit ɗinsa na cewa yau da safe aka biya. Ka tsallake shidan farko sai ka ga 240315142210. Ma'anarsa 15 ga Maris 2024, ƙarfe 2:22 na rana. Tsohon rasit ne aka yi wa kwaskwarima; an gyara kwanan watan da ke sama, an manta da wanda ke ɓoye cikin lambar. Sai dai tura kuɗi tsakanin asusu biyu na banki ɗaya yakan zo da wata lambar dabam, don haka wannan gwajin bai shafe shi ba.

In alat ɗin cire kuɗi aka nuna maka, nemi ganin wanda ya gabace shi. Ragowar kuɗin baya, a cire adadin da ladan banki, dole ta ba da ragowar yanzu. Mai gyara hoto da wuya ya tsaya yin wannan lissafin.

Duk da haka akwai manhajojin da ke ƙera rasit sumul, har saƙon tes mai ɗauke da sunan banki ana iya ƙirƙira. Saboda haka kafin kaya su bar shago, buɗe manhajar bankinka a wayarka, ko ka danna lambar USSD, ka ga kuɗin sun hau. In an ce matsalar netwok ce, a ajiye kayan a gefe har su shigo.