Jerin A, C, B Da Ya Kā Da Mai Shi

Da misalin ƙarfe tara na dare saƙon ya shigo zauren WhatsApp na 'yan aji: "1 C, 2 A, 3 A, 4 D," haka har ashirin. Wanda ya turo ya gama gwajin intanet na wannan makon, ya ci 17 cikin 20. Abokinsa ya buɗe nasa gwajin, ya bi jerin nan tiryan-tiryan, cikin minti uku ya gama. Ya tashi da 5. Da safe ya same ni a ofis yana cewa, "Malam, wallahi na'urar nan ta cuce ni."

Na'ura ba ta cuce shi ba. A manhajoji irin su Moodle, wadda Martin Dougiamas na Ostareliya ya fitar a 2002, malami ba takarda ɗaya yake rubutawa ba. Rumbu yake cikawa da tambayoyi. Nawa rumbun yana da 100, kuma duk wanda ya shiga, manhajar za ta ɗebo masa 20, ta jera su yadda ta ga dama. Akwai kuma wani maɓalli, `Shuffle within questions`, wanda ke cakuɗa zaɓin amsoshin, ta yadda amsar da ta zauna a C wajen wani za ta iya komawa A wajen na kusa da shi.

To, tunda tambaya ta 1 a wajenka ba ita ce ta 1 a wajen abokinka ba, harafin da ya turo maka ba shi da wata alaƙa da abin da ke gabanka. Canki-canka ce kawai: zaɓi huɗu, ɗaya ne daidai, don haka a tambaya 20 abin da za ka sa rai da shi bai wuce 5 ba. Abin takaicin shi ne yaron nan ba daƙiƙi ba ne. Da na zaunar da shi ya amsa da kansa, ya san 12. Da ya canki sauran takwas ɗin, da ya ƙara kamar biyu. Ya ba da 14 ya karɓi 5.

Masu wayo sukan ce to a turo hoton tambayar da amsarta mana. Wannan ya ɗan fi, amma yi lissafi. Abokinka ya ga kashi ɗaya cikin biyar na rumbun, saboda haka cikin tambayoyinka 20, kimanin huɗu ne za su zo ɗaya da nasa, ga agogo na tafiya kana laluben hotuna. A nan dole in faɗi laifinmu mu malamai: wanda ya yi kasala ya zuba 30 kacal a rumbu yana ɗebo 20, kimanin 13 za su maimaitu tsakanin kowane ɗalibi biyu. Wannan ya bar ƙofa a buɗe da hannunsa.

Inda asiri ya fi tonuwa shi ne nau'in tambayar da ake kira `Calculated`. Kalmomin ɗaya ne, alƙaluman ne ke sauyawa. An tambayi na farko: ɗan kasuwa ya saro kaya a kan naira 8,000, ya sayar 10,000, ribarsa kashi nawa ce cikin ɗari? Amsa 25. Na biyu an ba shi 5,000 da 6,500, amsarsa 30. In na ga 25 a gurbin mai 6,500, ba na buƙatar boka. Ga shi manhajar tana rubuta lokacin da kowa ya fara da lokacin da ya miƙa.

Abin da ke tsallaka wannan cakuɗar shi ne hanyar warwarewa. Wanda ya riƙe cewa ana raba riba da kuɗin saro, sannan a ninka da 100, ko wane alƙalami aka kawo masa zai fita. Zai kuma gane tarkon da muke ɗanawa da gangan: a tambayar farko nakan sa 20 cikin zaɓin, domin ita ce amsar wanda ya raba 2,000 da kuɗin sayarwa.

Shi ya sa na ce wa 'yan ajin kada su rufe zauren nasu, su sauya masa aiki. Bayan an rufe gwaji, kowa ya kawo tambayar da ta kā da shi, ya faɗi abin da ya zaɓa da dalilinsa, wani ya nuna masa inda ya kauce. Sai a sauya alƙaluman, shi ɗin ya sake yi ba tare da ya duba ba. Haddace amsa ba ta cikin wannan. In mutum biyar suka yi haka, sun taɓa yawancin darussan da aka gina rumbun a kai, domin tambayoyina 100 ɗin nan daga babi biyar kawai suka fito, huɗu daga kowane babi ake ɗebo wa ɗalibi.

Yaron ya tambaye ni ko zan bar shi ya sake. Na bar shi, amma na gaya masa ko takardarsa ta jiya ba za ta dawo masa yadda ya gan ta ba.