Yadda Wasu Magunguna Ke Hana Hanta Sarrafa Maganin Sa Barci: Misalin Midazolam

A wannan maƙala za mu dubi abu guda, watau dalilin da ya sa ƙwayar maganin sa barci da ta dace da mutum jiya takan yi masa yawa yau, alhali ba a ƙara masa komai ba. Mun zaɓi midazolam, wanda ake ba majiyyaci kafin fiɗa.

A cikin hanta da bangon hanji akwai wani sinadari mai suna CYP3A4, shi ne ke farfasa midazolam. In an haɗiyi ƙwaya, sai ta bi ta hanji da hanta kafin ta kai sauran jiki, a nan ake cinye fiye da rabinta. Abin da ke isa jini bai wuce wajen kashi 40 cikin 100 ba. Sa'an nan hanta ta ci gaba da tace ragowar.

To, itirakonazol, maganin cutar fangas ta farce da fata, yakan manne wa sinadarin ya hana shi aiki. A 1994 Olkkola da abokan aikinsa a Helsinki sun ba masu lafiya miligiram 200 na itirakonazol kullum har kwana 4, sa'an nan miligiram 7.5 na midazolam. Jimillar maganin da jini ya ɗauka ta ninka wajen sau 11.

Lissafin yana da kyau mu bi shi. Ko da duk ƙwayar ta tsallake hanji da hanta, daga kashi 40 zuwa 100 ninki biyu da rabi ne kurum. Sauran ƙarin daga jinkirin fita ya zo, domin lokacin da rabin maganin ke ɗauka kafin ya bar jini ya kusan ninka sau uku. Sabo da haka haɗarin ya fi tsanani ga ƙwaya bisa ga allurar jijiya, wadda ba ta bin wancan shinge na farko. Majiyyacin da ya kamata ya wartsake da hantsi sai a same shi da la'asar yana magagi, magana na sarƙewa, ga mantuwa. In tsoho ne, ko an haɗa masa da mofin, numfashi na iya raguwa.

Eritiromaisin ma yana yin haka, ninki 4 ko ɗoriya. Shi kuwa lalata sinadarin yake yi, sai hanta ta ƙera sabo, don haka tasirinsa kan yi kwanaki bayan an daina sha. Azitiromaisin kusan ba ya taɓa shi.

A ganinmu sauya magani ya fi rage shi, domin ba a iya kintata yawan ninkin ga kowane mutum. Lorazefam ta wata hanya hanta ke fitar da shi, ba ruwansa da CYP3A4. In kuwa abin ya riga ya faru, fulumazenil yana farkar da majiyyaci, amma fa ƙarfinsa kan gushe cikin wajen sa'a guda, midazolam na nan cikin jini. Dole a ci gaba da lura da numfashinsa, domin barcin na iya komowa.