Ƙurar Dutse Da Huhun Magini

Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da mai yanka tayil ko bulo da injin yanka ya ga farar ƙurar da ke rufe masa gira da gemu. A cikinta akwai silika, ƙananan ɓurɓushin da ido ba ya gani. Idan suka shige huhu ba sa fita. Sannu a hankali huhun ya taurare, bayan shekaru sai tari da haki, kuma babu maganin da ke mayar da shi yadda yake.

Masana lafiyar ma'aikata sun jera matakan kariya hawa biyar. Na sama shi ne kawar da haɗarin: a sayo tayil daidai da awon ɗaki, yankan ya ragu. Sai musanya kayan aiki da marasa illa. Na uku, wanda ya fi sauƙi a wurinmu, shi ne a riƙa zuba ruwa a bakin injin yayin yanka, ƙurar ta zama laka a ƙasa. Bayansa sai tsarin aiki, kamar yayyafa ruwa kafin shara.

Takunkumi ne na ƙarshe, amma shi muke fara ɗauka. Rawani ko tsumma a hanci ba ya tare silika. Masu ba da kwangila, ku tanadi ruwa kafin a tayar da injin.