"Da Me Za Ka Gane Sun Gane?"

A kwalejojin ilimi na Najeriya, kafin ɗalibin NCE ya fita koyarwar gwaji, sai ya tsaya gaban malaminsa da abokan karatunsa ya gabatar da tsarin darasi. Yawancin ɗalibai suna ɓata dare wajen ƙawata takarda, alhali tambayoyin da za a yi musu ba su cika wuce wurare biyu ba: manufar darasin da yadda za a riƙe aji.

Mu ɗauki ɗalibar da ta shirya darasin lissafi na aji uku na firamare, a kan rabi da kwata, na minti 35. Ta rubuta cewa a ƙarshen darasi yara za su fahimci rabi da kwata. Nan take malamin zai ce, "Malama, da me za ki gane sun fahimta?" Ai fahimta a cikin kai take, ido ba ya ganinta. Tun bayan da Benjamin Bloom da abokan aikinsa suka fitar da rabe-raben manufofin koyo a 1956, masu horar da malamai ke nacewa a rubuta abin da yaro zai aikata a gani: ya ambata, ya zana, ya raba. Gyararriyar manufa ita ce: idan aka ba yaro takarda, zai ninke ta gida huɗu daidai, ya nuna kwata ɗaya. Daga nan malamin zai leƙa ƙasan takardar, inda tambayoyin auna fahimta suke. In ya tarar an ce yara su faɗi ma'anar kwata da baki, to manufa ta yi gabas, aunawa ta yi yamma.

Tambayoyin riƙe aji sun fi kayar da mutane. Manufar ilimi ta ƙasa ta tanadi malami ɗaya ga yara 35 a firamare, amma a makarantun gwamnati da yawa sai ka tarar da ninkin haka, wasu a zaune a ƙasa. Don haka za a tambaye ta: wa zai raba takardun, kuma minti nawa rabon zai ci? Sa'ad da ta juya tana zane a allo, me 'yan bencin baya suke yi? Yaron da ya gama da wuri fa? A ganina wannan ta ƙarshen ce ta fi tona asiri, domin surutu galibi daga mai zaman banza yake farawa.

Amsar "zan ce su yi shiru" ba ta samun maki, ta bulala kuwa rage shi take yi. Wadda ake so ita ce mai ɗauke da tsari: zanen yana kan kwali tun daga gida, shugaban kowane layi zai raba takardu cikin minti biyu, tafi uku alama ce ta kowa ya dubi allo, wanda ya gama kuma ya gwada ninkewa gida takwas.