Minti Goma a Gaban Ma'aikata: Yadda Manaja Ke Bayyana Ƙarin Albashin da Bai Kai Ba

A kamfanoni da yawa, ma'aikaci yana sanin ƙarin albashinsa ne daga saƙon banki. Waya ta yi ƙara, ya duba, ya ga abin da ya shigo bai kai rabin abin da ya sa rai ba. Kafin azahar maganar ta zagaye ko'ina, kowa da nasa fassarar: wani ya ce kamfanin zai rufe, wani ya ce manya ne suka cinye. Manajan da ya san aikinsa ba ya bari a kai nan. Yana tara mutanensa kwanaki kafin a biya albashi, ya yi musu jawabin da bai wuce minti goma ba.

Irin wannan jawabi ya yi wa manajoji nauyi a Najeriya a ƙarshen 2024. Tun 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta yi ta hawa har ta haura 1,000. Dala ta tashi daga kimanin naira 460 zuwa sama da 1,500. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100 a Disambar 2024. Ma'aikacin da ya nemi ƙarin kashi 30 a lokacin bai yi zari ba, yana neman ya tsaya inda yake ne kawai.

A ɗauki misalin wata masana'antar robobi a Sharaɗa da ke Kano, mai ma'aikata 40, wadda albashinsu gaba ɗaya naira miliyan 4 ne a wata. Ma'aikata sun sa rai da kashi 30, amma abin da aka ware kashi 12 ne.

Manajan kirki yana fara wa da adadin. Bayan sallama da gaisuwa, ba ya ɓata minti biyar yana yabon haƙurin ma'aikata, domin duk wanda ke wurin ya san dogon yabo share fagen labari mara daɗi ne. Zai ce musu kai tsaye: kun nemi talatin, mun ware sha biyu, zai fara daga albashin Janairu, kuma na san bai kai abin da kuke buƙata ba.

Sai dalili, kuma dalilin ya zo da lissafin da kowa zai iya bi. A watan Afrilun 2024 an ƙara wa masu rukunin A kuɗin lantarki daga kimanin naira 68 zuwa 225 kan kowane yunit, kafin daga baya a ɗan rage shi zuwa ɗari biyu da 'yan kai. Idan injinan wannan masana'anta suna shan yunit 20,000 a wata, takardar wutarta ta tashi daga kusan naira miliyan 1.4 zuwa sama da miliyan 4. Wato wuta kaɗai ta kamo albashin mutum arba'in. Ga ƙwayar roba da farashinta ke bin dala, ga bashin banki da ruwansa ya hau bayan Babban Banki ya kai ma'aunin kuɗin ruwa kashi 27.5 a Nuwamba. Manaja ba ya buƙatar jero waɗannan duka. Ya zaɓi biyu da suka fi cin kuɗin kamfaninsa, ya faɗi nawa ake biya a da, nawa ake biya yanzu.

Akwai kuma abin da ma'aikata da yawa ba su sani ba. Dokar fansho ta 2014 ta wajabta wa mai kamfani ya zuba aƙalla kashi 10 a asusun fanshon ma'aikaci, ban da kashi 8 da ake cirewa daga albashinsa. Saboda haka ƙarin kashi 30 a wannan masana'anta zai ci kusan naira miliyan 16 a shekara idan an haɗa da fansho, shi kuwa kashi 12 zai ci miliyan 6 da ɗoriya. Tazarar miliyan tara da rabi ce manajan yake ƙoƙarin nuna musu cewa babu ita a aljihun kamfani.

Wurin da ake gane mai gaskiya shi ne rabon. Dokar da aka sa wa hannu a Yulin 2024 ta ɗaga mafi ƙarancin albashi daga naira 30,000 zuwa 70,000, kuma ta hau kan duk mai ma'aikata 25 zuwa sama. Idan masu gadi da masu shara takwas suna karɓar 55,000, dole a kai su 70,000. Wannan ya cinye naira 120,000 daga cikin 480,000 da aka ware a wata, abin da ya rage wa sauran kimanin kashi 10 ne kawai. Manajan da ya tsaya a "sha biyu" bai yi wannan bayani ba, ranar biya mutum talatin da biyu za su ga goma, su ce ya yi musu ƙarya.

Daga nan sai magana mafi ɗaci. Mai karɓar 100,000 zai koma 110,000, amma da hauhawar kashi 34.8, sabon albashin nasa zai sayi abin da kimanin 82,000 ke saye bara. Ma'aikacin ya riga ya san haka daga kuɗin mudun shinkafa da na adaidaita sahu. Idan manaja ya faɗa da bakinsa, sauran maganarsa za ta samu shiga. Idan ya kira ƙarin da sunan tagomashi, ya rasa su.

Kurakuran da ke ɓata wannan jawabi sanannu ne. Na farko shi ne fakewa da na sama, a ce "ni ma umarni aka ba ni", alhali da shi aka zauna aka yanke. Na biyu shi ne "mu duka iyali ɗaya ne" a shekarar da aka sayo wa darakta sabuwar mota tana fake a bakin ƙofa. Idan shugabanni ma ba su samu ƙari ba, a faɗa. Idan sun samu, kada a yi da'awar ana shan wahala tare. Na uku shi ne alkawari mara rana. "In abubuwa suka gyaru za mu duba" ba ya ɗaure kowa. Abin da ke ɗaurewa shi ne a ce za a sake zama a watan Yuli, kuma idan ciniki ya kai adadi kaza za a ƙara kashi kaza. Wanda ba shi da ikon cika wannan, gara ya ce ba zai yi alkawari ba.

Minti uku na ƙarshe na tambayoyi ne. Wani dattijo zai iya miƙewa ya ce, "Ranka ya daɗe, to za a rage ma'aikata ne?" Wannan ita ce tambayar da ke zuciyar kowa, kuma amsarta e ce, ko a'a, ko kuma ba a yanke ba tukuna, za a sanar ranar kaza. Albashin mutum ɗaya kuwa ba a tattauna shi a bainar jama'a. A ba kowa takardarsa, mai ƙorafi ya samu manaja a ofis.

Shirun da ake yi a ɗakin taro ba ya nuna an gamsu, domin da wuya ma'aikaci ya musa wa babba a gaban mutane. Sakamakon yana fitowa ne a makonnin da ke biye: yawan masu neman rancen albashi, yawan masu makara, da ko ƙwararrun masu sarrafa inji sun fara ajiye aiki. Horar da sabon mai inji yana ɗaukar watanni, kuma a cikin watannin nan kayan da ke lalacewa a hannunsa kamfani ne ke biya. Saboda haka manajan da ya ce Yuli, ya rubuta ranar a allon sanarwa, ya kuma kira taron ko da amsar da zai bayar a'a ce.