Daga ina zinaren da duniya ke saye kowace shekara yake fitowa?

A shekarar 2024, zinaren da ya shigo kasuwar duniya ya kusa tan 5,000, bisa ƙididdigar Majalisar Zinare ta Duniya da ke Landan. Kimanin tan 3,660 daga ƙarƙashin ƙasa aka haƙo shi, inda Sin da Rasha da Ostireliya ke kan gaba, Gana kuma ke jan ragamar Afirka. Wajen tan 1,370 kuwa tsohon gwal ne da aka narke aka sake tacewa. Wato kusan kashi ɗaya cikin huɗu ya taɓa zama a wuyan wata ko a akwatin wani.

Waɗannan hanyoyi biyu ba halinsu ɗaya ba. Haƙa tana da nawa. Daga ranar da aka gano zinare a wuri zuwa ranar da kamfani zai fara fitar da shi, akan shafe shekara goma zuwa ashirin ana bincike, ana neman izini, ana gini. Saboda haka ko farashi ya yi tashin gwauron zabi bana, mahaƙa ba su da yadda za su ninka aikinsu baɗi.

Tsohon gwal shi ne mai saurin amsa kira. Zinare ba ya tsatsa, ba ya ruɓewa, don haka kusan duk wanda aka taɓa haƙowa, sama da tan 200,000, yana nan a hannun mutane. Da zarar farashi ya hau, ko rayuwa ta yi tsanani, sai sarƙoƙi da awarwaro su fito kasuwa. A 2024 farashi ya ƙaru da fiye da kashi 20 cikin ɗari. Abin da aka haƙo bai ƙaru da ko kashi 1 ba, amma tsohon gwal ya ƙaru da kusan kashi 11. Yawancinsa kayan ado ne. Wanda ake cirowa daga matattun wayoyi da kwamfutoci kusan kashi ɗaya cikin goma ne kawai, domin raba shi da sauran ƙarafa yana cin kuɗi.

Lissafin ma da tsantsar zinare ake yin sa. Sarƙa mai giram 20, in karat 18 ce, giram 15 kaɗai ke shiga ƙididdiga. Kuma matar da ta kai tsohon ɗan kunne ta musanya da sabo ba a sa nata a ciki, tunda ba ta ƙara wa kasuwa komai ba. Sai wadda ta sayar ta karɓi kuɗi.

Inda ƙididdigar ke da rauni shi ne ƙananan mahaƙa, irin na Zamfara da Jado a Nijar, waɗanda yawancin gwal ɗinsu ke ƙetare iyaka ba takarda. A nan kiyasi ake yi. Duk mai karanta waɗannan alƙaluma ya ɗauke su a matsayin kusan daidai, ya kuma fi sa ido kan tsohon gwal, don shi ke fara motsi idan kasuwa ta sauya.